Tsakiyar Tsoka: Inda Wuta Ba Ta Kai Ba

Mafi yawan Hausawa Musulmi ne, kuma naman alade haramun ne a gare su, don haka mai karatu zai iya ɗauka cewa maganar dafa shi ta wasu ce. Amma ana kiwon alade ana cinsa a wuraren da ake ciniki da Hausa kullum, kamar kudancin Kaduna da Filato da arewacin Kamaru da arewacin Gana. Rijiya ɗaya ake sha a garuruwa da yawa, kasuwa ɗaya ake ci. Akwai kuma cutar da ke farawa daga naman da bai dahu ba, ta ƙare a ƙwaƙwalwar mutumin da bai taɓa ɗanɗana shi ba. Saboda haka abin da ke faruwa a tsakiyar tsoka idan an ɗora ta a wuta ya shafi mai ci, ya kuma shafi maƙwabcinsa.

Tsutsar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce tsilar alade, wadda masana ke kira Teniya soliyum. Rayuwarta zagaye ce tsakanin mutum da alade. Alade yana yawo a bayan gari, ya ci kashin mutumin da ke ɗauke da tsila, ya haɗiye ƙwayayenta. Ƙwayayen su ƙyanƙyashe a hanjinsa, 'ya'yan su bi jini su zauna a tsoka, kowanne a cikin wata 'yar jaka mai ruwa, fara, wadda girmanta bai wuce na ƙwayar shinkafa ko ƙaramin wake ba. Mahauta da dillalan alade sun san ta sarai, shi ya sa a wurare da dama sukan buɗe bakin dabbar su duba ƙarƙashin harshe kafin a yi ciniki. Sai dai wannan dubawa tana kama aladen da cutar ta cika masa jiki ne kawai. Wanda jakunkunansa kaɗan ne yakan wuce, harshensa fes, alhali akwai su a cinya ko kafaɗa ko zuciya.

Idan mutum ya ci naman da jakar ke ciki da ranta, ruwan cikinsa yakan narkar da bangon jakar, kan tsutsar ya fito ya maƙale a jikin hanji da ƙugiyoyinsa. Cikin wata biyu zuwa uku ta zama cikakkiyar tsila mai tsawon mita biyu ko fiye, tana sakin gaɓoɓi a cikin bayan gida, kowace gaɓa da dubban ƙwayaye. Abin mamaki shi ne mai ɗauke da ita sau da yawa ba ya jin komai in ban da ɗan ciwon ciki. Yana iya shekaru da ita yana noma, yana talla, yana girki.

Masifar tana cikin ƙwayayen. Idan suka shiga bakin mutum ta hannun da ba a wanke ba, ko ruwan da kashi ya gurɓata, ko ganyen da aka ci ɗanye, sai su yi masa abin da suke yi wa alade: su bi jini su kafa jakunkuna a tsoka, a ido, a ƙwaƙwalwa. Jakar ƙwaƙwalwa takan zauna shiru shekaru, sai lokacin da ta fara mutuwa jiki ya taso mata da kumburi, mutum ya fara faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a yankuna da yawa da cutar ta yi katutu, wajen kashi 30 cikin ɗari na masu farfaɗiya wannan tsutsa ce sanadinsu. A ƙauyen da ake danganta farfaɗiya da iska, babu wanda zai yi tunanin haɗa faɗuwar wata yarinya da gasasshen naman da wani ya ci shekaru biyar da suka wuce.

An ga wannan ƙarara a birnin New York a shekarun 1990 da 1991. Mutum huɗu daga gidaje huɗu na Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, waɗanda alade haramun ne a gare su, suka kamu da jakunkunan tsila a ƙwaƙwalwa. Da likitoci suka bi diddigi, sai zargi ya koma kan masu aikin gida da suka zo daga ƙasashen Latin Amurka inda cutar ta yawaita, waɗanda ake ganin sun shigo da tsilar a cikinsu ba tare da sun sani ba. Ƙin cin naman ya kare mutanen gidajen daga tsilar hanji, amma bai kare su daga ƙwayayenta ba. Da tun farko an dafa naman da ya sa wa masu aikin tsilar yadda ya kamata, da zancen ya mutu a tukunya.

Tsutsa ta biyu, Tirikinela, ta fi saurin nuna kanta. Ita ido ba ya ganinta; 'ya'yanta suna naɗe ne a cikin zaren tsoka, sai da madubin likita. James Paget, yana ɗalibin likitanci a Landan, ya gan ta a tsokar wata gawa a 1835, amma sai a 1860 Friedrich Zenker ya tabbatar a Dresden cewa tana kisa, kuma daga naman alade take zuwa. A 1865 ta kama mutum 337 a garin Hedersleben na Jamus, 101 suka mutu, a yankin da aka saba cin niƙaƙƙen naman alade ɗanye. Irin waɗannan annoba su ne suka sa aka fara duba naman alade da madubi a mayankun Jamus. Alamunta suna zuwa hawa biyu. Kwana ɗaya ko biyu bayan cin naman sai gudawa da amai, abin da kowa zai ɗauka ɓacin ciki ne. Bayan mako biyu ko fiye, lokacin da sababbin 'ya'yan tsutsar suka bar hanji suka shiga tsoka, sai zazzaɓi da ciwon jiki mai tsanani da kumburin fatar ido. Idan mutane da yawa da suka ci nama ɗaya suka wayi gari da kumburarrun idanu da zazzaɓin da maganin cizon sauro bai taɓa ba, to akwai dalilin tunawa da ita. A Afirka an fi samun danginta a aladen daji, don haka naman farauta ya fi na gida haɗari ta wannan fuska.

Akwai ta uku, Toksofilasma, wadda ba tsutsa ba ce, ƙwayar halitta ce guda da ke kammala rayuwarta a hanjin kyanwa, ta kuma ɓuya a tsokar alade da tunkiya da akuya. Lafiyayyen mutum da wuya ya san ya kamu, amma tana iya lalata ido ko ƙwaƙwalwar ɗan tayi idan mace ta kamu tana da ciki, kuma tana iya kashe wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Dukkan ukun zafi yana kashe su, kuma ba zafi mai yawa ba. Jakar tsila da 'ya'yan Tirikinela suna mutuwa idan zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Salshiyos ya ɗan zauna. Toksofilasma tana mutuwa nan take a wajen digiri 67. Hukumomin Amurka sun sa digiri 63 ga dunƙulen nama, da sharaɗin a bar shi ya huta minti uku bayan an sauke, da digiri 71 ga niƙaƙƙe. Wannan ƙa'ida an yi ta ne a ƙasar da ake kiwon alade a killace. Inda yake yawo a bola, digiri 70 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara a kai ya fi dacewa.

To, garwashi ya ninka wannan zafi sau da yawa, ta yaya tsutsa ke tsira? Amsar ita ce nama ba ya saurin miƙa zafi daga baya zuwa ciki. Lokacin da zafi ke ɗauka kafin ya kai tsakiya yana ƙaruwa ne da ninkin kauri a kan kansa: idan kauri ya ninka biyu, lokaci ya ninka huɗu. A ɗauka yanka mai kaurin santimita 2 yana buƙatar minti 10 kafin tsakiyarsa ta kai digiri 70. Mai kaurin santimita 4, a wuta iri ɗaya, zai buƙaci wajen minti 40, kuma guntun cinya mai santimita 8 zai haura awa biyu da rabi. Mai gashin da ya ɗora wannan guntu a wuta mai ƙarfi zai ga bayansa ya yi baƙi, kitse yana ɗiga, ƙamshi ya tashi cikin minti 20. Idan ya sauke a lokacin, kamar yadda mai saye da ke tsaye ke matsa masa, tsakiyar naman ɗumi kawai ta yi, ɗumin da bai wuce wanda tsutsar ta saba da shi a jikin alade mai rai ba. Ƙara wuta ba ya gyara wannan, sai dai ya ƙone baya. Abin da ke gyarawa shi ne a yanka naman siriri, ko a rage wuta a ƙara lokaci, ko a tafasa shi tukuna kafin a gasa. Tafasa ce mafi aminci, domin ƙananan gutsattsarin da suka daɗe a ruwa mai tafasa har suka yi laushi sun wuce duk ma'aunin da aka ambata.

Mai ma'aunin zafi sai ya soka shi a wuri mafi kauri, kada ya taɓa ƙashi. Wanda ba shi da shi sai ya tsaga wurin har tsakiya, musamman kusa da ƙashi: idan akwai ja, ko ruwan da ke fita yana da jini-jini, a mayar wuta. Launi dai shaida ce mai rauni, domin niƙaƙƙen nama yana iya yin duhu kafin ya kai zafin da ake so. Gishiri da hayaƙi da shanya ba a dogara da su, ballantana barkono ko giya. Daskarewa tana kashe Tirikinelar aladen gida idan naman bai kai kaurin santimita 15 ba kuma ya yi kwana 20 a digiri 15 ƙasa da sifiri, sharaɗin da firjin da wutarsa ke ɗaukewa kullum ba zai cika ba, kuma wasu danginta na naman daji suna jure sanyin.

Wuta kuma tana da iyaka. Tana kashe abin da ke cikin nama, amma ba ta kai wa ga wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama a kai sannan aka yanka dafaffe, kuma ba ta fitar da tsilar da ta riga ta zauna a hanjin wani. Wannan sai maganin asibiti, wanda sau da yawa sha ɗaya ya isa, tare da masai mai rufi da sabulu da killace aladu. Ita ma saniya tana da tata tsilar, wadda ake ɗauka daga tsire ko balangun da bai gasu ba, kuma zafin da ke kashe ta alade shi ke kashe ta. Bambancin shi ne ƙwayayen ta saniya ba sa kafa jaka a ƙwaƙwalwar mutum.