Buhu shida na siminti a gefen hoto

A daminar da ta wuce ruwa ya kada bangon aji ɗaya a lakkol ɗinmu. Da muka taru da uwayen yara, aka yanke shawarar a ɗauki hoto a aika wa wani ɗan jarida, ko Allah zai sa wani mai hali ya gani. Wani saurayi cikin tsofaffin ɗalibaina ya ɗauka da salula. Hoton ya fito da kyau, ga bango a ƙasa, ga allo rataye, ga yara tsaye. Amma a kusurwar dama akwai buhu shida na siminti da uwayen suka yi karo-karo suka saya.

Ya ce mini, "Malam, bari in goge buhunan nan, minti ɗaya ne. In aka gan su za a ce mun riga mun samu taimako."

Na ce ya dakata, amma a lokacin ban iya ba shi dalili mai gamsarwa ba. Bangon ya faɗi da gaske, bukata kuma ta gaske ce. To wa za a cuta in buhu ya ɓace? Da na koma gida sai wani labari ya dawo mini, na wani mai ɗaukar hoto da ya goge abin da bai kai buhu ɗaya ba, ya rasa aikinsa.

Sunansa Narciso Contreras, ɗan ƙasar Meziko, yana yi wa kamfanin dillancin labarai na AP aiki a yaƙin Siriya. Ba ɗan koyo ba ne, don yana cikin waɗanda suka ci kyautar Pulitzer ta 2013. A watan Satumba na shekarar ya ɗauki hoton wani mayaƙin ƴan tawaye yana duƙawa da bindiga a hannu yana neman mafaka. A kusurwar ƙasa ta hagu, kyamarar bidiyo ta wani abokin aikinsa ta shigo cikin hoton. Sai ya kwafi wani ɓangare na ƙasar wurin ya lulluɓe ta. Mayaƙin bai taɓa shi ba, bindigar ma haka. Daga baya shi da kansa ya faɗa wa editocinsa. A Janairun 2014 AP ta raba gari da shi. Ta bi hotunansa kusan 500 ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu wani da aka taɓa ba, amma duk da haka ta janye su daga rumbun da jama'a ke gani.

Da farko na ga kamar hukuncin ya yi tsauri. Sai da na tsaya a kan kyamarar kanta. Hoton da babu ita yana cewa ga mutum shi kaɗai tsakaninsa da mutuwa. Hoton da take ciki yana cewa ga mutum yana gudu, kuma akwai ƴan jarida aƙalla biyu kusa da shi suna ɗauka. Mai kallo yana da haƙƙin ya tambayi kansa ko mayaƙin ya san ana ɗaukarsa, ko hakan ya sauya yadda ya yi. Wataƙila bai sauya komai ba. Amma mai hoto ya yanke wannan hukunci a madadinmu, kuma bai gaya mana ya yanke ba.

Daga nan ɓarnar take yaɗuwa. Mai karatu a Tawa ko Damagaram ba ya da hanyar zuwa Siriya ya duba. Abin da yake riƙe da shi kawai shi ne alkawarin cewa duk abin da ke cikin hoto yana gaban kyamara a lokacin da aka danna. In aka ce an yarda a cire ƙaramin abu, to wa zai auna ƙanƙantarsa? Yau kyamara, gobe mutumin da ke tsaye kusa da minista. A 2008 jaridar Le Figaro ta goge zobe mai tsada daga yatsan Rachida Dati, ministar shari'ar Faransa a lokacin, kuma zobe ai ƙarami ne. Shi ya sa AP ta sha wahalar bin hotuna ɗari biyar saboda guda ɗaya. Kifi ɗaya ne ke ɓata ruwa, kuma kamfanin ya san cewa daga ranar duk mai son ƙaryata hoton gaskiya ya samu abin kafa hujja.

Kada a ɗauka dokar ta hana taɓa hoto gaba ɗaya. Ƙa'idar AP ta yarda a ƙara haske ko a rage, a daidaita launi gwargwadon yadda ido ya ga wurin, a mai da hoto fari da baƙi, a share ɗigon ƙurar da ta zauna cikin kyamara. Ƙurar ba ta wurin da abin ya faru, aibin na'ura ce. Abin da aka haramta shi ne saka abin da babu, ko cire abin da ke akwai. Har jan idon nan da walƙiyar kyamara ke sa wa mutum, ba a yarda a goge shi ba. Ƙari ma haka yake. A 2006 Reuters ta kori Adnan Hajj don ya ƙara hayaƙi a hoton Beirut bayan harin jiragen Isra'ila. An kama shi ne saboda curin hayaƙi ɗaya ya maimaita kansa sak, abin da hayaƙin gaske ba ya yi. Wannan alama ce da ɗalibi ma zai iya koyo: ka faɗaɗa hoto, ka nemi dutse ko fuska ko gajimare da ya fito sau biyu, ka duba ko akwai inuwar da ba ta da mai ita.

Inda dokar ta fi ba ni wahala shi ne yanke gefen hoto, domin an yarda da shi. Da Contreras ya datse kusurwar maimakon ya lulluɓe ta, da bai karya wannan ƙa'ida ba. Dalilin da ake bayarwa shi ne kowa ya san hoto yana da iyaka, duniya tana ci gaba a wajen gefensa, don haka abin da ya rage a ciki gaskiya ne ko da bai cika ba. Na karɓi wannan, amma ba duka ba. Almakashi ma yana iya yaudara, in abin da aka datse shi ne wanda zai sauya fahimtar mai kallo. A nan doka ta ƙare, saura amanar mai riƙe da hoton.

Kuma dai ba kowane hoto ake wa wannan awo ba. Mai hoton unguwarmu yana sa wa amarya furanni a baya, yana tsayar da tsoho gaban Ka'aba alhali bai taɓa wuce Yamai ba. Ba wanda aka yaudara, don duk mun san hoton ado ne. Hoton bangonmu kuwa shaida za a kai, kuma da shi za a roƙi kuɗin mutane.

Washegari na samu saurayin a bakin ajin. Ya riga ya yi tunanin wata dabara, ya ce, "To Malam, in matsa gefe in sake ɗauka, buhunan ba za su shigo ba." Na yi dariya, don ya gano ƙofar da ƴan jarida ma suka bari a buɗe. Na tambaye shi, in mai taimako ya zo da kansa ya tarar da siminti jingine, me za mu ce masa? Ya yi shiru.

Mun aika hoton yadda yake, muka rubuta a ƙasansa cewa uwaye sun sayi buhu shida, magini kuma ya ce sai an samu talatin. Wani dattijo cikin kwamitin bai ji daɗi ba, har yau yana cewa mun rage wa kanmu kasuwa. Mai yiwuwa yana da gaskiya. Yaran ajin dai suna karatu a rumfar zana, buhunan kuma mun ɗora su a kan katako a ofishin darakta don kada danshi ya kama su.