Takardar da Na Rubuta Sau Uku

Waɗanda suka saba tsayawa gaban wannan allo da safiyar Litinin za su tuna cewa a zangon da ya wuce akwai makonnin da suka zo suka tarar da tsohon kwali, rana ta cinye masa launi. Wasu sun tambaye ni ko ƙungiyar 'yan jarida ta mutu ne. Ba ta mutu ba, amma saura kaɗan abotata da abokin aikina ta mutu, kuma da hannuna na so in kashe ta. Na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, ya ce in rubuta, in dai ban kama suna ba.

Ga yadda muka raba aiki. Ni nake tattara rubuce-rubucen ɗalibai, in gyara, in miƙa masa ranar Litinin. Shi kuma, da yake Allah ya ba shi kyan rubutu, sai ya kwafe su a kan kwali ya kawo ranar Alhamis. Malamin da ke kula da ƙungiya ya duba ranar Juma'a kafin a tashi, Litinin da safe mu liƙa. Idan kwali bai zo Alhamis ba, Malam ba zai gani ba, kuma abin da Malam bai gani ba ba ya hawa allo. A cikin makonni 6 na farkon zango, sau 3 kwali bai zo ba. A karo na uku Malam ya kira ni ofis, ni kaɗai, ya ce idan ba za mu iya ba zai ba wasu. A daren nan na yago takarda daga littafina na rubuta wannan:

"Ranka ya daɗe babban marubuci. Muna fata ba mu takura maka ba, don mun san ayyuka sun yi maka yawa, ba kamar mu marasa abin yi ba. Kamar yadda aka saba, wannan makon ma mun ga aiki, Allah ya saka da alheri. Wasu mutane dai kullum sai an bi su. Ba komai, mu za mu ci gaba da shan faɗa a madadinku. Duk ranar da ka samu sarari ka tuna da mu."

Gaskiya na ji daɗinta. Babu zagi ko ɗaya a ciki, har da addu'a. Idan ya kai ƙarata zan iya buɗe hannu in ce, me na faɗa? Amfanin habaici ke nan ga mai yin sa: ka harba kibiya, ka ɓoye baka.

Na ba yayata ta duba mini kuskuren rubutu. Maimakon ta duba da ido, sai ta karanta da ƙarfi, da irin muryar da ake gugar zana a gidan biki. Kunya ta kama ni tun kafin ta kai rabi. Da ta gama ta ce, "To ƙanena, idan ni ce shi, me kake so in yi, kuma yaushe?" Na karɓi takardar na duba. Jimla shida, babu rana, babu lokaci, ko kalmar kwali ba ta fito ba. Abu ɗaya da na nema shi ne ya tuna da mu duk ranar da ya samu sarari, kuma wannan ma gatse ne. Wanda aka aika wa irin wannan takarda hanya biyu gare shi, ko ya yi shiru ya ƙullace ni, ko ya rama. Babu wadda za ta kawo kwali ranar Alhamis.

Sai na bi ta jimla jimla. "Ranka ya daɗe" girmamawa ce idan hakimi ko shugaban makaranta ake gaya wa, amma tsakanin 'yan aji ɗaya da ke cin ƙosai a takarda ɗaya, izgili ne. "Allah ya saka da alheri" a kan aikin da ba a yi ba, addu'a ce aka mayar sanda, kuma ita ta fi ba ni kunya. "Wasu mutane" kuwa, mu biyu ne kawai a aikin, to wa nake nufi? Tsoro ne ya hana ni cewa "kai". "Ba komai" ƙarya ce tsagwaronta, domin da ba komai da ban hana kaina barci ina rubutu ba.

Kalmar da ta fi ba ni wahala ita ce "kullum". Na ɗauko littafin da nake rubuta ranar da na miƙa aiki da ranar da ya dawo, don in tabbatar wa yayata cewa kullum ɗin gaskiya ce. Sai na ga sau 3 ya kawo a kan lokaci. Na kuma ga abin da ban so gani ba: a ɗaya daga cikin makonnin da ya makara, ni ma sai Laraba na ba shi rubuce-rubucen, saboda na tsaya jiran labarin wasan ƙwallo. Kwana ɗaya na bar masa ya cika kwali biyu. Da na aika da "kullum", da wannan makon kaɗai zai riƙe ya kayar da ni, sauran biyun da laifinsa ne su bi ruwa.

Na sake rubutawa, sai na faɗa wani ramin. Ta biyun cike take da "don Allah ka yi haƙuri" da "idan ba damuwa" da "ko da wani lokaci ne". Na karanta na ga kamar ni ne mai laifi ina neman gafara. Ba ta ambaci cewa an makara ba, ba ta faɗi abin da Malam ya ce ba. Da ya karanta zai ɗauka lafiya lau ake, ni kuma haushina yana nan, mako mai zuwa ya sake fitowa ta wata ƙofar. Ashe cire ƙaya daga magana daban, cire gaskiyar da ke cikinta daban.

Abin da ya fitar da ni, wani abu ne da nake gani tun ina ƙarami ban taɓa lura da shi ba. Mu nan Kura da Bunkure da Garun Malam ruwan noman raninmu daga madatsar Tiga yake zuwa, ya biyo babbar magudana, ya rarrabu a ƙanana har ya iso bakin gona. Ƙaramar magudana ɗaya manoma da yawa ke sha daga gare ta, kuma idan ciyawa da laka suka toshe ta, na ƙarshen layi ne ke fara ganin tumatirinsa ya yi yaushi. Mahaifina yana cikin masu kiran mutane aikin yashe, kuma ni yake aika. Ban taɓa jin ya ce in je in gaya wa wani cewa "wasu ba sa son aiki" ba. Abin da yake cewa shi ne, ka gaishe shi, ka ce Asabar bayan sallar asuba za a yashe daga gada zuwa bakin gonar wane, ya zo da shebur, idan ba zai samu zuwa ba ya turo yaro ko ya faɗa tun Alhamis, don ruwa bai kai na ƙasa ba wannan makon. Ba wai ba ya jin haushi ba ne, ina jin abin da yake faɗa a gida. Amma ya san gobe ma da mutumin nan zai raba ruwa, gona ba ta tashi ta koma wani wuri.

Da wannan na auna ta ukun. Duk jimlar da zan bari sai ta kasance ɗaya daga cikin abu uku: abin da ya faru wanda shi ma ba zai musa ba, abin da hakan ya jawo, ko abin da nake nema da ranarsa. Duk wadda ke bayanin halinsa ko abin da nake zaton yana cikin zuciyarsa, na soke ta. Ga abin da ya rage:

"Mutumina, barka da war haka. A makonni 6 da suka wuce, sau 3 kwali bai iso ranar Alhamis ba. Ɗaya daga ciki laifina ne, don sai Laraba na ba ka rubutun. Idan ya wuce Alhamis Malam ba ya samun dubawa, allo ya kwana mako guda babu sabon abu, kuma jiya ya ce zai ba wasu aikin idan aka sake. Na wannan makon ina so ya iso Alhamis kafin a fita tara. Idan akwai abin da ke hana ka a ranakun nan, gaya mini gobe mu ga yadda za mu sake tsari."

Na yi ta kai da komo a kan maganar Malam, ko in bar ta ko in cire, don tana iya kama da barazana. Na bar ta saboda gaskiya ce, kuma aikin namu ne mu biyu, yana da haƙƙin ya san abin da ke shirin faruwa da shi. Sai dai na rubuta ta yadda Malam ya faɗa, ban ƙara gishiri ba. Yayata ta sake karantawa da muryar gugar zanar nan, ta yi iya ƙoƙarinta, muryar ta ƙi zama a kan kalmomin. Na kuma tambayi kaina ko zan iya tsayawa a karanta ta gaban mahaifinsa ba tare da na sunkuyar da kai ba. Ta farkon na so in ba shi a cikin aji, inda idanu za su gani. Wannan a hanyar gida na miƙa masa, mu biyu.

Bai ce komai ba a ranar. Washegari ya same ni ya ce gonarsu tana can ƙarshen layi, kuma tun da aka yi dashen tumatir ruwa ba ya isowa gare su sosai sai tsakiyar mako, wani lokaci da yamma liƙis. Yayansa ya tafi karatu Zariya, saboda haka shi ke tsayawa ban-ruwa Talata da Laraba har duhu, ya dawo hannu duk laka, ga gajiya. Ranakun da na ware masa don kwafe kwali su ne daidai ranakun da ba shi da su. Na ce me ya hana ka faɗa tun farko? Ya ce kunya yake ji a ce aikin gona ya hana shi na makaranta, kuma da ya ga na fara ɗaure fuska sai ya ƙara janyewa.

Muka je wurin Malam tare. Yanzu ina rufe karɓar rubutu ranar Alhamis, in miƙa masa Juma'a, ya yi aikinsa Asabar da Lahadi, Malam ya duba Litinin, mu liƙa Talata. Shi ya sa kuka ga ranar fitowar mujallar ta sauya. Masu kawo labarin ƙwallo sun yi ƙorafi, don wasan Juma'a sai ya jira mako na gaba, kuma suna da gaskiya.

Bayan haka ma ya sake makara sau ɗaya, makon da aka fara ɗiban tumatir ana kaiwa Kwanar Gafan. Amma a wannan karon tun ranar Asabar ya aiko ƙaninsa gidanmu da kwali ɗaya da ya gama da saƙon cewa na biyun ba zai samu ba. Na zauna na kwafe shi da kaina. Wanda ya ga wani kwali a watan jiya da rubutu kamar tafiyar kaza, layuka suna gangarowa ƙasa ta hannun dama, nawa ne.