Lambar nan mai alƙaluma shida, kada ka ba kowa

Jama'a, wata malama mai koyar da harkar tsaron intanet ta yi wa ɗaliban sakandare wani bayani da nake ganin ya kamata iyaye ma su ji. Ba ta tsaya jero musu dokoki ba. Ta ɗauki hanya guda da ake bi a ƙwace wa mutum WhatsApp, ta bi ta daki-daki.

Ɓarawon ba ya bukatar taɓa wayarki, in ji ta. Lambar wayar kawai yake nema, kuma tana nan a fili a guruf ɗin aji. Sai ya sa ta a WhatsApp ɗin wayarsa kamar mai sabuwar rajista, kamfanin kuma ya turo saƙo mai alƙaluma shida zuwa layin mai lambar. Nan take zai kira yarinya mai lambar da murya mai daɗi, ya ce za a yi darasin shirin JAMB ta intanet, a karanto masa lambar da ta shigo don ya sa suna. Da an karanto, asusun ya koma hannunsa. Daga nan sai ya bi ƙawaye da dangi yana roƙon kuɗi da sunan yarinyar, su kuwa su tura, domin hotonta suke gani.

Alamar da ta nuna musu mai sauƙi ce: lamba ta shigo ba ka nema ba, to wani ne ke ƙoƙarin shiga. Babu malami ko shugaban guruf da yake bukatarta.

Sai ta rubuta musu matakan a allo: Settings, Account, Two-step verification. A nan mutum zai zaɓi wasu alƙaluma shida na kansa, ban da ranar haihuwa, ban da 123456, ya kuma sa imel saboda mantuwa. Lambar saƙo mabuɗi ce, wannan kuwa sakata ce ta ciki. Ta ƙara da cewa duk wanda ya ba da aron waya ya duba Linked devices, ya cire na'urar da bai sani ba.

In kuma an riga an ƙwace, a sake rajista da layin nan take, sabuwar lamba za ta fitar da ɓarawon. Idan ya riga ya sa tasa sakatar, sai an jira kwana 7, don haka a kira 'yan uwa a gargaɗe su kada su tura ko sisi.

Abin da ya fi damuna shi ne, yaranmu da yawa da wayar uwa ko ta yaya suke amfani, kuma mun tarbiyyantar da su kan jin maganar babba. Wannan ladabin ɓarawo yake amfani da shi. Mu faɗa musu ƙarara cewa hana wannan lambar ba rashin kunya ba ne, ko wane ne ya tambaya. Mu kuma zauna da su yau mu sa sakatar tare.