Ranar da muka ce ma Kawu a'a

Yau labarin namu ne, kuma mun daɗe muna jin kunyar faɗinsa.

Watan jiya aka yi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗiyar yayarmu a Tibiri. Saura kwana 12 Kawu ya kira mu a salula ya ce: "Kai za ka yi jawabin godiya da sunan dangi. Ai magana sana'arka ce." Muka ce to, muka kashe waya, gabanmu ya faɗi. A daren nan barci bai zo ba.

Wani zai yi mamaki, wanda yake magana a radiyo kullum safiya ya ji tsoron taron gida? To cikin situdiyo mu biyu ne, mu da mai kula da na'ura bayan gilashi. Takarda na bisa tabur, ba mai ganin hannunmu, in murya ta sarƙe sai a sa kiɗa mu sha ruwa. A walima ido ne ko'ina, kuma idon waɗanda suka goye ka, suka san sunanka na ƙuruciya.

Mun taɓa gwadawa a 2019, wajen wani aure na dangi. Ana miƙo mana mikoro zuciya ta shiga bugawa, baki ya bushe ƙaf, takarda ta riƙa kaɗawa har na baya suna gani. Daga baya wani ma'aikacin likita ya bayyana mana cewa jiki ne ke ɗaukar taron tamkar haɗari, sai ya saki sinadarin adrenalin: bugun zuciya ya ƙaru, miyau ya janye, tsoka ta yi rawa. Ranar sunan uban ango ya ɓace mana sarai. Muka yi tsaye shiru, har wani dattijo ya amshi mikoron. Dangin ango sun ɗauka wulaƙanci ne, sai da aka je ba su haƙuri.

Nan muka gane bambanci. Akwai fargabar da kusan kowa ke ji, wadda ke lafawa da zarar ka fara magana. Akwai kuma wadda ke kama ka kwanaki kafin ranar, ta hana ka barci da abinci, ta share maka abin da ka hardace. Tamu ita ce ta biyu.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda za mu ƙi ba a ce girman kai ba ne. Mun yi tunanin ƙarya, mu ce an tura mu aiki Yamai. Amma in aka ji muryarmu a radiyo ran walima fa? Kuma biki na gaba za a sake nemanmu.

Washegari bayan La'asar muka hau moto daga Maraɗi muka tarar da Kawu ƙofar gida. Ba mu bari ranar ta matso ba, don ya samu lokacin neman wani. Bayan gaisuwa muka jira baƙi suka tashi, sannan muka ce: "Kawu, ku gafarce mu, jawabin nan ba mu iyawa. Kun tuna abin da ya faru wancan auren? Tsoro ne ke kama mu gaban jama'a, kuma ba mu so mu ba ku kunya gaban malamai."

Ya daɗe bai ce komi ba. Can ya ce: "Kai da duk Katsina Maraɗi ke jin ka?" Muka ce: "Ji suke, Kawu, ba gani ba."

Ba mu je hannu sake ba. Muka kawo sunan ƙanenmu da ke koyarwa a lakkwal, wanda ya saba tsayuwa gaban yara fiye da 60 kullum. Muka ce mu za mu rubuta jawabin na minti 3, da sunayen malamai da na baƙi bisa tsarin girma, Kawu ya duba kafin ranar. Hayar kujeru da lasifika ma muka ɗauka a kanmu. Ya yarda, amma fuska ba a sake ba.

Ran walima ƙanenmu ya karanta ba gargada, mu muna baya muna rabon ruwa. Mun ji wata innarmu na cewa tun da muka shiga radiyo muka fi ƙarfin dangi. Maganar ta yi mana zafi, har yanzu tana yi. Kawu ne ya juya ya ce mata: "Bar shi, ya zo ya faɗa mini gaskiya."

Yanzu mun fara gwaji kaɗan-kaɗan: a fadarmu ta dare muna miƙewa tsaye mu yi magana minti ɗaya gaban abokai biyar ko shida. Hannu na rawa har yanzu, amma sunaye sun daina ɓacewa. Kawu ya ce akwai suna nan da watanni, mun ce masa a bari mu gani.

Allah ya sa albarka ga karatun yarinyar. Sai mun haɗu gobe da safe a shirinmu, in Allah ya kai mu.