Tambayar kwadiratik da ta cinye wa yara maki, da yadda ake gwada amsa

Jama'a 'yan Gidan Waya, musamman ku 'yan lissafi da za ku fita koyarwar gwaji bana, ku ɗan ba ni minti biyar. Ni an tura ni wata sakandare ce a wajen Zonkwa, kuma cikin takardun jarrabawar 'yan aji biyar da na duba akwai tambaya guda da ta kayar da yara da yawa, har da masu ƙoƙarin ajin. Ga ta:

2x² = 7x + 15

Matakin farko, a tattaro komai gefe guda, a bar sifili a ɗaya gefen. Duk abin da ya tsallaka alamar daidai, alamarsa na juyawa:

2x² − 7x − 15 = 0

Yanzu sai ka ninka 2 na gaba da −15 na ƙarshe, ka sami −30. Ana neman lambobi biyu da in an ninka su za su ba da −30, in an haɗa su kuma su ba da −7. Gwada 5 da −6, haɗinsu −1 ne, ba su yi ba. 3 da −10 fa? Sun yi. Sai ka raba −7x ɗin gida biyu da su:

2x² − 10x + 3x − 15 = 0
2x(x − 5) + 3(x − 5) = 0
(2x + 3)(x − 5) = 0

Abu biyu ba sa ninkuwa su ba da sifili sai ɗayansu sifili ne. Don haka x = 5 ko x = −3/2.

To ga inda yaran suka faɗi. Wajen tsallakar da 7x sun bar masa alamarsa, suka rubuta 2x² + 7x − 15 = 0. Abin haushin, wannan ma yana warwaruwa sumul, ya ba da (2x − 3)(x + 5) = 0, wato x = 3/2 ko x = −5. Babu wata lamba mai muni da za ta sa yaro ya tsargu. Wata yarinya har gwaji ta yi a ƙasan aikinta: ta sa −5, ta sami 50 − 35 − 15 = 0, ta ja layi biyu da murna. Wallahi sai da na ji ba daɗi da zan sa mata jan biro. Gwajin nata daidai ne, amma a layinta na biyu ta yi shi, layin da kuskuren ya riga ya shiga. Layin da ka rubuta da hannunka ba zai tona maka asiri ba.

A tambayar asali ake gwadawa, yadda take a takardar jarrabawa, kuma kowane gefe daban. Ɗauki −5 ɗinta. Hagu: 2 × 25 = 50. Dama: −35 + 15 = −20. Hamsin ina, −20 ina? Nan take za ta san akwai matsala, alhali da sauran lokaci.

Yanzu amsoshin gaskiya. In x = 5, hagu 50, dama 35 + 15 = 50. In x = −3/2, hagu 2 × 9/4 = 4.5, dama −10.5 + 15 = 4.5. Duka biyun ake gwadawa, don na ga wanda ya sami 5 daidai amma ya rubuta 3/2 a ta biyun, ya manta mainas wajen warware 2x + 3 = 0. Da ya sa ta, da ya ga 4.5 a hagu, 25.5 a dama.

Masu kalkuleta kuma ku kula: in ka danna `-5²` zai ba ka −25, sai ka sa baka, `(-5)²`, kafin ka ga 25. Mutum kan soke amsa mai kyau saboda wannan.

Wasu za su ce su fomula suke bi, ba ruwansu da laluben lambobi. Ba laifi, ni ma ita nake so in lambobin sun ƙi fitowa. Da a = 2, b = −7, c = −15, b² − 4ac ya zama 49 + 120 = 169, tushensa 13, sai x = (7 ± 13)/4, wato 5 ko −1.5. Amma fomula abin da ka ba ta shi take nika maka. Ka ba ta b = 7, nan ma 169 za ka gani, ta miƙo maka −5 da 1.5 ba ko gardama.

Iyakar gwajin kuma a san ta. Da a ce tambayar ta zo da labari, misali kwamin citta mai gefe x da gefe 2x − 7, faɗin ƙasarsa murabba'in mita 15, lissafin ɗaya ne, kuma −3/2 za ta wuce gwaji lafiya lau. Amma babu kwami mai gefe ƙasa da sifili, sai ka rubuta dalili ka watsar da ita, ka ce mita 5 da mita 3 ne.

Na tambayi ajin me ya sa ba sa gwadawa, suka ce "Malam, lokaci." Ranar Litinin na sa su yi da agogo a gabansu. Yawancinsu ba su kai minti biyu ba.