Satar amsa ta tashi daga safa ta koma kan allo

A da, mai satar amsa shi kaɗai yake cusa 'yar takarda a safa, gabansa na faɗuwa. Yanzu a wasu makarantu malami ne ke rubuta amsar a allo, bayan an karɓi "kuɗin haɗin kai" daga iyaye. Jami'a na neman kiredit biyar har da Turanci, da Lissafi ma a yawancin kwasa-kwasai, makarantar kuɗi kuma da sakamako take tallata kanta. In ba a gama manhaja ba, sai a sayi abin da ba a koyar ba.

Asirin yakan tonu wajen maki. Ɗalibai 40 suna iya dacewa a amsar daidai, amma ba sa yin kuskure iri ɗaya a layi ɗaya sai in wuri ɗaya suka kwafa. Daga nan WAEC ko NECO ta riƙe sakamakon, wani lokaci ta soke na cibiyar duka, har da na wanda ya yi karatunsa tsakani da Allah.

Takardar ma ta rage daraja. Tun 2005 jami'o'i suka ƙara tasu jarrabawar bayan ta JAMB. A shekararmu ta farko na ga mai A1 a Lissafi ya kasa gano x a 2x + 3 = 11.

A ganina dokar 1999 mai tanadin ɗauri ta yi wa ɗan ƙaramin aji nisa. Abin da zai ji a jikinsa shi ne gwajin zango: a ba da tazara tsakanin kujeru, a gauraya azuzuwa, kada malami ya tsare darasinsa, wanda aka kama kuma a ba shi sifili a kira iyayensa.