Kalandar Yaya: yadda muka tsara tallar abinci ta wata guda a kan takardar kaye

Yau labarin gidanmu zan ba ku, don na san akwai gidaje da yawa da tukunyar mace ce ke riƙe da su.

Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mijin yayata yana cikin waɗanda aikinsu ya tsaya cak, don dakon kaya yake yi tsakanin Konni da Illelar Najeriya. Sai Yaya ta fito da tukunya ƙofar gida: shinkafa da wake, dambu da zogala, ran Juma'a kuma shinkafa da miya. Abincinta ba shi da laifi, amma wata rana ya ƙare kafin azahar, wata rana a kai la'asar rabin tukunya na nan. Ranar da ya kwana, uwar kuɗi ce ta kwana, kuma da uwar kuɗin nan ake auno shinkafar gobe.

Ni da na ɗan yi lakkol, sai na ce mata matsalar talla ce. Na tsara mata ta riƙa sa hoto sau uku kullum a statu na WhatsApp. Kwana tara ta yi ta bari. Na je ina faɗa, ta dube ni ta ce: "Kai ɗan boko, hannun da ke cikin ƙullu shi zai riƙe salula? Ni tun asuba nike tsaye." Gaskiyarta. Tsarin na mai zaman ofis ne na kawo wa mai tsayuwa gaban murhu.

Sai ran Lahadi 29 ga Satumba 2024 muka sake zama bayan la'asar, ni da ita da ɗiyarta babba. Na yago takarda biyu daga tsakiyar kaye, na ja layi bakwai a tsaye don ranakun mako, biyar a kwance don makonnin Oktoba. Wannan karon ba mu fara da tambayar me za a sa a waya ba. Mun fara da tambayar yaushe mutanen garin nan ke da kuɗi a aljihu, kuma yaushe suke cin abinci a waje.

Nan na gane Yaya ta fi ni sanin kalanda. Laraba kasuwar Konni, ranar da ƴan kasuwa ba sa komawa gida cin rana, muka zagaye 2, 9, 16, 23 da 30. Alhamis da sassafe masu zuwa kasuwar dabbobi ta Badagishiri kan nemi abin da za su riƙe a hanya. Juma'a ranar baƙi ce da sadaka. Daga wajen 10 ga wata zuwa 22 aljihun ma'aikaci ya yi sanyi, sai in albashi ya shigo a ƙarshen wata. Ni kuma na rubuta "komawa lakkol" a makon farko bisa al'ada, ta ce: "Ba ka sauraren rediyo? An ɗage har 28 ga wata sabili da ambaliya." Haka ne kuwa, gwamnati ta ɗage shigar lakkol ta shekarar zuwa 28 ga Oktoba. Na goge. Tun ranar nake rubuta kalandar da fensir, ba da bik ba.

Bayan ranakun gari sun hau takarda, muka tambayi Yaya sau nawa za ta iya taɓa waya a mako ba tare da abinci ya ƙone ba. Ta ce huɗu. Muka tsaya a huɗu, kuma kowace rana muka ba ta aiki guda wanda ba ya canzawa, don kada a tashi da safe ana tunanin abin da za a ce.

Litinin da ƙarfe goma na safe, jerin abincin mako da farashinsa. Talata bayan isha'i, kiran oda ta ranar kasuwa. Alhamis da safe, hoton aiki: zogala ana wankewa, tukunya a rufe, kwanoni a kife a kan tebur mai tsabta, a ƙarƙashinsa kuma a tuna wa mutane odar Juma'a. Asabar, maganar wani mai saye da ya yaba, bayan an nemi izininsa. Da muka ƙirga, Oktoba ta ba mu Litinin huɗu, Talata biyar, Alhamis biyar, Asabar huɗu: gida 18 ke nan a wata, maimakon casa'in da na ɗora mata da farko.

Sa'an nan muka cika gidajen daidai da nauyin aljihu. Litinin 14 da 21, tsakiyar wata, muka sa ƙaramin kwano na dala hamsin a gaba. Alhamis 31 muka ajiye wa shinkafa da zabo, don lokacin ne ake iya sayen na dala ɗari biyu. Litinin 28, ranar komawa lakkol, muka yi wa iyaye da malamai magana: wanda ke son a ajiye wa yaro abincin rana ya faɗa tun dare.

Ga abin da ta sa ran Talata 8 ga wata, yadda yake: "Gobe Laraba akwai shinkafa da wake da dambun zogala. Kwano dala hamsin, babba dala ɗari. Mai so a kai mashi rumfa ya yi magana kafin ƙarfe goma na dare." Abu uku ne a ciki: mene ne, nawa ne, zuwa yaushe. Kuma ta maimaita shi da murya, ba ta kai rabin minti ba, don da yawa cikin masu sayenta ba sa karanta boko, amma kowa na jin vokal.

Maganar lokaci ta fi komai ba mu mamaki. Da, Yaya kan sa hoto ne in abinci ya sauka, wajen ƙarfe ɗaya. Lokacin kuwa mai yunwa ya riga ya aiki yaro wani wuri. Statu awa 24 yake yi ya ɓace, saboda haka wanda aka sa da dare yana nan har gobe da rana, kuma ya sami mutum tun bai yanke shawarar abin da zai ci ba. Riba ta biyu ta fi ta farko: in oda ta shigo tun dare, Yaya ta san tiya nawa za ta auna da asuba. Tallar ta koma ma'aunin tukunya.

Don kada aikin ya ci mata lokaci, ɗiyarta ce ke ɗaukar hoto, uku kacal ga kowane abinci, da safe a inuwar zaure inda haske ke shigowa ba rana tsaye ba. Ran Lahadi su zauna minti ashirin su rubuta saƙonni huɗu na makon, su tura wa lambar Yaya kanta a WhatsApp, su sa ƙararrawar waya ga kowace rana. In ta yi ƙara, kwafa ne da mannawa. Bidiyo muka bari saboda yana cinye forfe, kuma daren Litinin ake tabbatar da caji ya cika, tunda wuta ba ta da alkawari.

Mun yi tuntuɓe uku, kuma gara ku ji su kafin ku faɗa ciki.

Na farko, mun yi murnar ganin mutum sama da ɗari sun kalli statu, sai muka duba sunayen: dangi ne, na Tawa, na Sakkwato, na Yamai. Masu sayen na gaske ba sa ciki. Dalili shi ne statu ba ya zuwa wa mutum sai ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Sai muka rubuta lambar Yaya da manyan baƙaƙe a jikin kwali kusa da tukunya, duk wanda ya saya ɗiyar ta ce: "Baba, ajiye lambar Inna, mu ma mu ajiye taka." Direbobin da ke zuwa daga Malbaza da haka suka shigo.

Na biyu, mun sake amfani da wani tsohon hoto mai tsokar nama biyu a lokacin da nama ya yi tsada ana sa guda. Wani mai rumfa ya maido kwano ya ce ba shi ya gani ba. Bai yi ƙarya ba. Daga nan doka ta zama: hoto sai ya yi daidai da abin da ke cikin kwano yau, kuma ba a rubuta farashi a jikin hoto, a ƙarƙashinsa ake rubutawa don a iya sauyawa.

Na uku, ran Juma'a 18 wani ya yi odar kwano shida bai zo ba. Yanzu odar da ta wuce kwano uku sai an ba da rabin kuɗi.

Yadda muka san abin da ke aiki kuwa, ba yawan masu kallo muka bi ba. A kowane gida na takardar, ɗiyar kan ja ɗan layi ga duk wanda ya tambaya, ta zagaye shi in ya saya. Ƙarshen wata muka shimfiɗa takardar a tabarma. Gidajen Talata sun cika da zagaye, na Litinin ba laifi, na Alhamis sun kawo tambaya kan Juma'a. Na Asabar kusan fayau, ga shi neman izinin mutane na ba ta kunya. A kalandar Nuwamba muka cire Asabar, aka koma uku a mako, ciniki bai ragu ba. Abin da Yaya ta fi kula da shi shi ne a Larabobi uku na ƙarshen Oktoba ba ta kwana da abinci ba.

Kada wani ya kwafi ranakunmu kai tsaye. Mai tuwo a Badagishiri, daren Laraba ne nata daren oda. Mai abinci a Galmi ta san lokacin cirar albasa ne garin ke cika da leburori da masu saye, nata watan daban yake. In azumi ya zo, takardar gaba ɗaya sai an sake ta, don saƙon safe ba shi da amfani, sai na bayan azahar mai kiran buɗa-baki. Kuma takarda ba ta gyara miyar da gishiri ya yi wa yawa, ba ta biyan bashin da aka ci aka gudu.

Har yanzu duk Lahadin ƙarshen wata nakan leƙa gidan. Yanzu ɗiyar ce ke jan layukan, ni nawa shan fura. Ranar nan na ce a gwada ƙara bidiyo, Yaya ta ce: "Bari dai, ƙanena. Wanga da muke iyawa shi muka riƙe."

Masu sana'ar abinci da ke tare da mu, wace rana ce tukunyarku ta fi saurin ƙarewa a garinku? Ku faɗa mana, mu ƙaru da juna. Allah Ya sa albarka a nema.